Yadda za ka raɗa wa rubutun kwatance take ba tare da ka tauye mudu ba

Wani ƙanena da ke haɗa wa mutane katin biki da na suna a Agege ya taɓa kawo mini ƙorafi a kan wani take da ni na rubuta da hannuna. Na yi rubutu ina kwatanta Canva da CorelDRAW, manhajoji biyu da ake zanen kati da fosta da su, na sa masa take kamar haka: "Canva ta kashe kasuwar CorelDRAW". A cikin rubutun ban faɗi haka ba. Abin da na ce shi ne mai waya kaɗai a hannu zai fi samun sauƙi da Canva, kuma can wajen sakin layi na shida na yi bayanin cewa masu buga takardu da yawa sun fi sabawa da CorelDRAW. Shi kuwa take ya gani a WhatsApp, bai buɗe ba, ya ɗauka magana ta ƙare. Ranar da ya kai aikin wani Alhaji wurin masu buga takardu a Shomolu, mai injin ya tambaye shi fayil ɗin da zai iya gyarawa da kansa, ya tsaya yana rarraba ido. Da ya dawo ya ce mini: "Yaya, ai kai ka ce an daina yayinta." Na buɗe baki zan ce ya koma ya karanta sakin layi na shida, sai na ga ba ni da gaskiya. Laifin ba na manhajar ba ne, ba kuma na mai injin ba. Taken da na raɗa ne ya yi alkawarin abin da rubutun bai ƙunsa ba.

Tun daga lokacin nake bin wasu matakai kafin in saki take, kuma da wannan misalin na Canva da CorelDRAW zan bi da kai cikinsu. Mai kwatanta injin POS biyu, ko keken ɗinki biyu, ko janareta da sola, zai ga hanyar ɗaya ce.

Da farko, rubuta hukuncinka a jimla ɗaya kafin ka taɓa take

Yawancinmu take muke fara yi, saboda shi ne ya fi daɗi, sannan mu bi shi da rubutu. A kwatance wannan juyin waina ne da ke ƙona hannu, domin idan ka riga ka ce wance ta yi nasara, duk gwajin da za ka yi daga baya neman hujja ne kawai. Gama gwajin tukuna. Sannan ka ɗauki takarda ka cike wannan jimlar: ga mutum iri kaza, mai aiki kaza, wance ta fi dacewa saboda kaza, ga mutum iri kaza kuma, ɗayar ce.

Da na sake aikin, ga yadda na yi. Na ɗauki kati ɗaya na ɗaurin aure, girman A5, wato milimita 148 da 210, kore mai duhu da rubutu ruwan zinare, da sunayen ango da amarya da ke da ƙ da ɗ a ciki. Na haɗa shi sau biyu, sau ɗaya da Canva ta kyauta a waya, sau ɗaya da CorelDRAW a kwamfuta, na kai duka biyun wurin mai inji guda, a kan takarda iri guda. Na Canva ya fi saurin kammaluwa nesa ba kusa ba, tunda akwai zanen da aka riga aka shirya sai dai ka sauya suna. Amma fayil ɗin PDF da ake saukewa a tsarin kyauta launin allo yake ɗauka, wato RGB, zaɓin CMYK na masu tsarin biya ne da ake kira Pro, injin buga takarda kuwa da tawada huɗu ta CMYK yake aiki. Saboda haka koren da ke walƙiya a waya ya ɗan dushe a takarda. A CorelDRAW tun farko na zaɓi launin da CMYK, abin da na gani ya fi kusa da abin da ya fito. Sai kuma maganar gyara: da na ce a sauya ranar biki, mai injin ya buɗe fayil ɗin CorelDRAW, wato `.cdr`, ya sauya da kansa, na Canva kuwa ni na gyara a waya na sake tura masa, abin da bai ɗauke ni minti biyar ba tunda ina da data.

Jimlata ta fito haka: ga wanda waya ce kawai gare shi kuma yawancin katinsa a WhatsApp ake rabawa, Canva ta fi dacewa; ga wanda sana'arsa ke kai shi wurin masu inji kowane mako, CorelDRAW ta fi. Dubi wannan jimla da kyau. Babu inda "kashe kasuwa" zai samu wurin zama a cikinta. Duk kalmar da ba za ta iya fitowa daga wannan jimla ba, ba ta da hurumin shiga take.

Na biyu, saka aikin a cikin taken

Nan ne adalci ya fi sauƙin samuwa, kuma nan ne aka fi sakaci. "Canva ko CorelDRAW: wacce ta fi?" tambaya ce da ba ta da amsar gaskiya, kamar ka tambayi ɗan kasuwar Mile 12 ko tirela ta fi keke-napep. Idan buhunan albasa ne daga Sakkwato, amsa ɗaya ce. Idan kwando biyu ne za a shiga da su lungu a Ketu, amsar ta juya. Take marar aiki a ciki yana tilasta maka ɗayan biyu: ko ka yanke hukuncin da ya fi gwajinka faɗi, ko ka yi ta kwana-kwana mai karatu ya tashi bai ƙaru da komai ba.

Ni katin biki na gwada. Ban gwada tambarin kamfani ba, ban gwada babban allon talla irin na bakin titin Ikorodu ba, ban gwada littafi mai shafi ɗari ba. Don haka iyakar abin da zan iya tsayawa a kai shi ne katin biki, kuma shi ya kamata ya fito a taken:

"Canva ko CorelDRAW: wacce ta fi dacewa da katin biki?"

Lura da "ta fi dacewa da". Tsakaninsa da "ta fi" akwai tazara mai yawa. "Ta fi" hukunci ne a kan manhajar gaba ɗaya, "ta fi dacewa da" hukunci ne a kan haɗuwarta da aiki ɗaya. Mai goyon bayan CorelDRAW zai iya karɓar cewa Canva ta fi dacewa da katin WhatsApp ba tare da ya ji an ci masa fuska ba, domin shi ma ya san haka.

Wani zai ce ai taƙaita take haka yana rage masu karatu. Yana ragewa, ba musu. Amma wanda ya rage shi ne wanda da ya shigo zai tarar ba abin da yake nema ba ne, ya fita cikin daƙiƙa goma. Wanda ya saura shi ne mai kati a gabansa da ranar biki na matsowa, kuma shi ne zai tura wa abokinsa.

Abin da za ka saka ba lallai ya zama aiki ba. Wani lokacin mutumin ne, kamar "ga mai fara koyo". Wani lokacin sharaɗi ne, kamar "idan waya kawai gare ka". Zaɓi ɗaya, wanda shi ne ya raba gardama a gwajinka. Idan ka cusa uku, taken ya zama jerin gwano.

Na uku, tace kalmomin da ke karkatar da sikeli

Hausa tana da arzikin kalmomin kokawa da dambe, kuma hannu yana saurin kai wa gare su: ta kayar, ta doke, ta lallasa, ta yi mata fintinkau, ta sha gabanta, ta binne ta. A filin dambe daidai ne, tunda a can mutum ɗaya ne ke kai ƙasa kowa yana gani. A kwatancen kayan aiki da wuya a samu irin wannan kaye. Waɗannan ma masu sauƙin kamawa ne, da ka sake karantawa za ka gan su.

Waɗanda suka fi wahalar kamawa ƙananan kalmomi ne da ke shigowa sumul kamar ba su ɗauke da komai. Ɗauki "har yanzu". "Har yanzu kana amfani da CorelDRAW?" ba tambaya ba ce, gori ne, ya riga ya gaya wa mai karatu cewa an bar shi a baya. Ɗauki "kawai" da "wai": "wai Canva za ta iya aikin ƙwararru?" ya yanke hukunci tun kafin a buɗe. Ɗauki siffar da aka ba wa ɗaya aka hana ɗaya: "Canva mai sauƙi ko CorelDRAW". Ɗaya ta shigo da kirari, ɗaya ta shigo haka nan. Idan za ka siffanta, siffanta duka biyun da abin da masu son kowacce za su yarda da shi, ko ka bar su duka ba siffa. Haka "tsohuwa" da "sabuwa". Gaskiya ne CorelDRAW ta fito a 1989, Canva kuma a 2013, amma a take "tsohuwa" ba shekaru take nufi ba, mai karatu "ta ƙare" zai ji, alhali ana ci gaba da fitar da sababbin nau'o'inta.

Kalmar "kyauta" tana buƙatar kulawa ta musamman. Canva tana da tsarin kyauta, tana kuma da na biya, kuma abin da ya fi shafar mai buga kati, wato CMYK, yana ɓangaren biya. Idan na rubuta "Canva ta kyauta ko CorelDRAW ta kuɗi" sannan a cikin rubutun na yaba abubuwan da sai mai Pro ke samu, na haɗa farashin wani tsari da amfanin wani. Wannan ita ce tauye mudu da aka fi yi a irin wannan rubutu, kuma sau da yawa ba da gangan ba. Tsarin da ka gwada shi za ka ambata, ko a take ko a layin farko.

Sai kalmar da ke haɗa sunayen biyu. "Ko" ta dace idan mai karatu zai zaɓi ɗaya. "Da" ko "tsakanin" sun dace idan bambanci kawai kake bayyanawa, kamar "Bambancin Canva da CorelDRAW wajen launi". Akwai kuma `vs` da mutane da yawa ke bugawa a wurin bincike ko da sauran maganar da Hausa suke yi. Ni "ko" nake sawa a taken Hausa, domin sunayen biyu su ne ginshiƙin binciken, kuma "ko" ba ta da ƙamshin faɗa.

Maganar wacce za ta zo farko ba ta kai a daɗe a kanta ba. Sa wa kanka doka ɗaya ka riƙe ta: ko jerin baƙaƙe, ko yadda mutane suka fi bugawa. Don sanin na biyun, fara rubuta sunan ɗaya a akwatin Google ka ga abin da zai ƙarasa maka. Abin gudu shi ne a wayi gari duk rubuce-rubucenka wadda ka fi so ce ke gaba.

Bayan tacewa, yi gwajin musaya. Sauya wuraren sunayen biyu ka sake karantawa da ƙarfi. "CorelDRAW ko Canva: wacce ta fi dacewa da katin biki?" bai sauya ma'ana ba, to taken a tsaye yake. "CorelDRAW ta kashe kasuwar Canva" kuwa ya zama wata magana dabam da za ta sa ka dariya, kuma dariyar nan ita ce shaidar cewa na farkon ma haka ya yi wa wani.

Shin laifi ne take ya faɗi wadda ta yi nasara?

A'a. Akwai masu ɗauka adalci shi ne kullum a tashi kunnen doki, wannan kuwa wata ƙaryar ce. Idan ka gwada ka ga ɗaya ta fi a wani aiki ƙarara, ɓoye shi a bayan alamar tambaya don a danna ma rashin gaskiya ne. Za ka iya cewa "Katin biki a waya: Canva ta fi CorelDRAW sauƙi", tunda ka faɗi ma'aunin, wato sauƙi, ka faɗi iyakar, wato waya da katin biki. Sharaɗin shi ne hukuncin da iyakarsa su zauna a layi ɗaya, kada hukunci ya hau take iyaka ta koma sakin layi na shida, kamar yadda na yi wa ƙanena.

Haka "na gwada". Kalma ce mai nauyi, gani ya kori ji, shi ya sa take jan mutane. Idan ka gwada ɗin, saka ta. Idan bayanin kamfanonin biyu ka karanta ka jera, wannan ma aiki ne mai amfani, amma sunansa "abin da kowacce ke bayarwa", ba gwaji ba. Idan ɗaya ka yi shekara uku kana aiki da ita, ɗayar kuma yini ɗaya ka taɓa ta, faɗi haka a farkon rubutun, kuma kada take ya nuna kamar ka san su daidai. CorelDRAW musamman tana cin lokaci kafin hannu ya faɗa, wanda ya taɓa ta yini ɗaya ya ce tana da wuya labarin kansa yake bayarwa.

A nawa, tunda na buga katin da gaske, taken da na fi so a ƙarshe shi ne:

"Canva ko CorelDRAW: na buga katin biki ɗaya da kowacce"

Bai yi alkawarin zakara ba. Ya faɗi abin da aka yi, kuma duk wanda ya buɗe zai tarar da hotunan katunan biyu gefe da gefe.

Na huɗu, auna tsawonsa, domin yankewa ma tana iya mayar da gaskiya ƙarya

Google ba shi da ƙayyadadden adadin haruffan take, amma yana yanke abin da yake nunawa gwargwadon faɗin allo. A kwamfuta wurin ya kai kusan fiksel 600, abin da yawanci ke ɗaukar haruffa 50 zuwa 60, ya danganta da faɗin haruffan, tunda W da D manya sun fi i da l cin wuri. Hausa kuwa tana da ƙananan kalmomi da yawa, "da za a", "wa masu", kowacce da tazararta, sai layi ya cika ba ka ankara ba.

Ga inda abin ya shafi adalci. Da farko na so in rubuta: "Canva ko CorelDRAW: wacce ta fi dacewa da katin bikin da za a kai wa masu buga takardu a Shomolu?" Haruffa 97 ne idan aka haɗa da tazara. Za a yanke shi wajen "da za a", wato daidai sharaɗin da ya raba gardama, maganar bugawa a takarda, shi ne zai ɓace. Ya fi muni idan take mai hukunci ne. "Canva ta fi CorelDRAW nesa ba kusa ba a wurin duk wanda ba shi da kwamfuta sai waya" magana ce ta gaskiya a cikakkenta, amma idan wutsiyar ta faɗi, ko mai karatu ya tsaya a rabi, abin da ya rage shi ne "Canva ta fi CorelDRAW nesa ba kusa ba". Saboda haka idan akwai hukunci, sharaɗin ya riga shi zuwa: "Ga mai waya kawai: Canva ta fi CorelDRAW sauƙi".

Ƙirgawa ba ta da wuya. Jera duk taken da kake tunani a Google Sheets ko Excel, kowane a layinsa, ka sa wannan a gefe:

```
=LEN(A2)
```

Taken nan mai alamar tambaya na sama ya ba ni 53, na "na buga katin biki" ya ba ni 54. Duka sun shiga. Ka tuna idan tsarin da kake wallafawa da shi yana liƙa sunanka a ƙarshen kowane take, wannan ma yana cin wuri, amma gara shi ya yanke da sharaɗin ya yanke. A YouTube iyakar take haruffa 100 ce, sai dai a waya ba duka ake gani ba, don haka dabarar ɗaya ce.

Akwai wani abu da ke ba mutane mamaki: wani lokacin Google yana sauya taken da kansa. A 2021 ya sauya yadda yake samar da take a sakamakon bincike, kuma a watan Satumba na shekarar ya ce kusan kashi 87 cikin ɗari na lokuta abin da marubuci ya sa a layin `<title>` na shafin yake amfani da shi. Sauran yakan ɗauko daga babban kan rubutun ko wani wuri a ciki, musamman idan taken ya yi tsawo, ko an cusa masa kalmomi ana maimaitawa, ko bai dace da abin da ke ciki ba. WhatsApp da Facebook kuma wani layi dabam mai suna `og:title` suke fara dubawa. Ke nan take yana zaune a wuri uku, kuma na sha ganin wanda ya gyara ɗaya ya manta biyu, sai tsohon cika-bakin ya ci gaba da yawo a guruf-guruf:

```html
<meta charset="utf-8">
<title>Canva ko CorelDRAW: na buga katin biki ɗaya da kowacce</title>
<meta property="og:title" content="Canva ko CorelDRAW: na buga katin biki ɗaya da kowacce">
```

Layin farko na `utf-8` saboda haruffanmu masu lanƙwasa ne. Idan ka ga ƙ ta koma `Æ™` ko ɗ ta koma `É—`, alama ce ana karanta rubutun da wani tsarin haruffa dabam. Tura wa kanka mahaɗin a WhatsApp kafin ka tura wa kowa, ka ga yadda ya fito. Kuma da yake mutane da yawa ba sa buga lanƙwasa a waya, ina ƙoƙarin kalmomin da ake nema da su, irin su "katin biki", su zama marasa lanƙwasa idan akwai zaɓi, ba tare da na ɓata rubutun sauran ba.

Na biyar, shekara da farashi

Saka shekara a take yana jan ido, domin mai nema yana son sabon bayani. Amma shekara alkawari ce cewa a shekarar aka duba. Masu sauya lambar kowane Janairu ba tare da sun sake buɗe manhajar ba suna sayar da tuwon jiya ne da sunan na yau, kuma kayan manhaja suna sauyawa: abin da ke ɓangaren biya bana yana iya dawowa kyauta baɗi, ko akasin haka. Idan ka sa shekara, ka ɗauki nauyin sake gwaji kafin ka sauya ta. Idan ba za ka iya ba, bar ta daga take, ka rubuta ranar gwajin a layin farko.

Farashi da naira kuwa ban sa shi a take sam. Wanda ya ga yadda canji ya yi tun tsakiyar 2023 ya san lambar da ka rubuta yau ba lallai ta kai watanni uku ba. "Ta fi araha" ma sai an yi hattara, domin CorelDRAW ana iya biyanta duk shekara ko a saya gaba ɗaya, Canva Pro kuma biyan wata ko shekara ce, don haka amsar ta danganta da tsawon lokacin da ka lissafa. Sannan a yi maganar da kowa ya sani: idan kwafin da ka gwada irin wanda ake loda wa mutane a kasuwa ne ba da lasisi ba, ba ka da bakin kwatanta farashi, kuma matsalar da ka ci karo da ita ba lallai ta manhajar ba ce.

Na shida, idan kana da hannu a ciki

Dillali a Alaba Rago ba ya ɓoye cewa la'ada yake ci, kowa ya sani, shi ya sa mai saye ke auna maganarsa da wannan sanin. Matsala tana farawa ne idan dillali ya shigo da rigar alƙali. Idan kana samun kamasho duk lokacin da aka sayi ɗaya ta hanyarka, ko kana koyar da ɗaya ana biyanka, ko kai ne ma mai kayan, kalmomi irin su "tsakani da Allah" da "gaskiyar magana" da "ba son kai" su fita daga takenka. Ni ko ba ni da hannu ba na sa su, domin mai gaskiya bai cika rantsuwa tun ba a tambaye shi ba.

Wanda ke koyar da CorelDRAW zai iya rubuta "Dalilin da ya sa nake koyar da CorelDRAW ba Canva ba", kuma wannan take ne mai gaskiya ƙwarai, ya nuna ɓangaren da mai magana yake tsaye. Wanda yake da nasa kayan ya rubuta "Kayanmu da na wane: inda muka bambanta", a san daga bakin mai kaya ne. Bayanin kamasho ya zo a saman rubutun, kafin mahaɗin farko. Ban da kunya, akwai doka: dokar gasa da kare masu saye ta 2018, wadda hukumar FCCPC ke aiwatarwa, ta hana bayanin ƙarya ko mai ruɗarwa a kan kaya, harkar talla kuma tana ƙarƙashin hukumar ARCON tun dokar 2022. Rubutun da aka biya ka ka yi ya fi kusa da talla fiye da yadda kake so ka yarda.

Na ƙarshe, kai wa wanda ba zai ji daɗi ba

Kafin in saki sabon taken, na koma Shomolu na nuna wa wani Bakano da ya daɗe yana aikin zane a ɗaya daga cikin shagunan, mutumin da hannunsa ke yawo a CorelDRAW ko bai kalli madannai ba. Ban ba shi rubutun ba, take uku kawai na nuna masa a waya, na ce ya gaya mini abin da yake zaton zai tarar a ciki. A kan tsohon ya yi tsaki ya ce: "Malam, wanda ya rubuta wannan bai taɓa shigowa layin nan ba." A kan taken mai alamar tambaya ya ce to, ya danganta da wane irin kati. A kan na ukun ya miƙo hannu ya karɓi wayar, ya ce: "Mu ga yadda koren ya fito."

Daga nan na tura wa wata ƙanwarmu a Idi-Araba da ke yi wa matan unguwa katin suna da Canva, na yi mata tambaya iri ɗaya. Ta ce ita dai tana fata ban je na ce aikin waya wasan yara ba ne. Na ce ta buɗe ta gani. Bayan ɗan lokaci ta turo saƙon murya tana cewa maganar launin gaskiya ce, ta taɓa lura da shi a katin da aka buga mata, amma in ƙara cewa idan an zaɓi `PDF Print` akwai wurin da ake kunna alamar yanka da rarar gefe, domin masu inji suna tambaya. Na koma na ƙara shi a sakin layi na uku, taken kuwa na bar shi yadda yake.